Me Ya Sa Kananzir Mai Gauraye da Fetur Ya Fi Kowannensu Haɗari?

Idan aka zuba kananzir mai kyau a murfin gwangwani da safiyar hunturu, aka ƙyasta ashana aka tsoma a ciki, ashanar ce za ta mutu. Wanda ya kuskura ya gwada haka da fetur kuwa, kafin hannunsa ya kai bakin murfin wuta ta tarye shi. Wannan bambanci kusan kowa ya san da shi, ko da bai san dalilinsa ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan aka haɗa waɗannan biyun a tankin fitila ko na risho, abin da ake samu ya fi kowannensu mugunta. Kananzir zalla ba ya fashewa a tankin fitila. Fetur zalla ma, duk da sharrinsa, da wuya wuta ta shiga cikin rufaffen tankinsa ta ci. Amma kananzir da aka ɗan tsarma wa fetur yana tarwatsa tankin ya watsa wa mai riƙe da shi wuta a fuska da ƙirji.

An sha ganin haka a Nijeriya. A Legas an yi irin wannan masifa a 1984, an sake yi a 2001, kuma a wannan shekarar ta 2001 jihar Edo ta ga nata rabon, inda gidaje da dama suka ƙone da mutane a ciki saboda gurɓataccen kananzir. Mafi yawan waɗanda abin yake rutsawa da su mata ne da yara, domin su ne ke zuba wa fitila mai da magariba, su ne ke kunna risho. Don a gane yadda haka ke faruwa, sai an rarrabe abubuwa uku da masana harkar wuta ke aunawa a jikin kowane mai, waɗanda mu kan cure su wuri ɗaya mu ce wane mai "yana da saurin kamawa".

Tushen maganar duka ɗaya ne: ruwan mai ba ya ci. Abin da ke ci shi ne tururin da ke tashi daga samansa ya gauraya da iska. Ko lagwanin fitila da muke gani yana ci, aikinsa shi ne ya tsotso mai zuwa sama, zafin harshen wutar ya mai da shi tururi, tururin ya kama. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin bayanin.

Abu na farko da ake aunawa shi ne zafin kamawa. Shi ne mafi ƙarancin zafin da ruwan mai zai kai kafin ya riƙa fitar da tururin da ya isa ya kama idan aka kawo masa wuta daga waje, ashana ce ko tartsatsi. A lura da sharaɗin nan na ƙarshe, sai an kawo wuta. Man da ya kai zafin kamawarsa ba ya tashi haka kawai, yana zaune ne a shirye yana jiran wanda zai ƙyasta masa.

Zafin kamawar fetur yana wajen digiri 43 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Babu irin wannan sanyi a ƙasar Hausa, ko cikin firji ba a samunsa. Ma'ana, duk fetur ɗin da ka taɓa gani a rayuwarka, a galan ɗin 'yan bumburutu ne ko a tankin babur, ya riga ya wuce zafin kamawarsa da nisa, kullum cikin fitar da tururi yake. Kananzir kuwa nasa yana farawa ne daga digiri 38 zuwa sama, wani ya kai 50, wani ya fi haka, gwargwadon yadda aka tace shi. Man dizal yana sama da digiri 52. Man gyaɗa sai ya haura digiri 300. Shi ya sa ashana ke mutuwa a kananzir mai sanyi: tururin da ke samansa bai kai ya kama ba, ruwan kuma ya jiƙa ta.

Yadda ake auna wannan a ɗakin gwaji ba wani abin mamaki ba ne. Ana zuba man a ɗan ƙaramin kofin ƙarfe mai murfi, a riƙa ɗumama shi a hankali da ma'aunin zafi a ciki. Duk lokacin da zafin ya ƙaru kaɗan, sai a buɗe wata 'yar taga a murfin a leƙa da ɗan harshen wuta. Da farko ba abin da zai faru. Can sai a ga wani shuɗin haske ya gilma a saman man ya ɓace nan take. Zafin da ma'auni ya nuna a wannan lokaci shi ake rubutawa. Wani masanin sinadarai ɗan Birtaniya, Frederick Abel, shi ya tsara irin wannan kofi, kuma dokar man fetur ta ƙasarsu ta 1879 ta karɓe shi a matsayin ma'aunin hukuma. Abin da ya jawo dokar shi ne irin matsalarmu ta yau. A wancan zamani babu motoci, don haka ɓangaren ɗanyen mai mara nauyi, wanda muke kira fetur yanzu, ba shi da kasuwa sosai. Sai wasu 'yan kasuwa suka riƙa barinsa cikin man fitila don ya ƙara auki, fitilu kuma suka yi ta fashewa a gidajen mutane.

Akwai wani abu game da lambar nan ta 38 da ya shafe mu kai tsaye. A ƙasashen sanyi digiri 38 ya yi wa zafin ɗaki nisa, shi ya sa suke ɗaukar kananzir a matsayin mai mai sauƙin sha'ani. Amma a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu da Mayu, zafin inuwa ma yana wuce digiri 40. Jarkar da aka bari a rana, ko a shagon kwano da tsakar rana, ta fi haka zafi. Kananzir ɗin da ya kashe ashana a watan Janairu zai iya kamawa a bazara, alhali ba a gauraya masa komai ba. Haka kuma tankin rishon da ya yi awa biyu yana dafa wake ya ɗauki zafi daga sama, man cikinsa ba irin wanda aka zuba da safe ba ne.

Abu na biyu shi ne zafin tashi da kai, wato zafin da tururin mai da iska za su kai su kama da kansu ba tare da ashana ko tartsatsi ba. A nan lissafin yana juyewa ta yadda ba a zato. Na fetur yana tsakanin digiri 250 da 280. Na kananzir da dizal kuwa yana wajen 210 zuwa 220. Wato man da ya fi wuyar kunnawa da ashana shi ne ya fi saurin tashi a kan ƙarfe mai zafi. Makanikai sun san wannan a aikace. Injin fetur yana da fulogi, domin sai an ba shi tartsatsi yake kamawa a daidai lokacin da ake so. Injin dizal ba shi da irin wannan fulogi: fistin yana matse iska har ta yi zafi ƙwarai, a fesa mata dizal, ya tashi da kansa. Saboda haka wanda ya ce dizal ba shi da haɗari gaskiyarsa rabi ce. A ganga cikin inuwa yana da haƙuri, amma idan tiyo ya tsage ya riƙa fesa shi a kan salansar inji, zai iya tashi ba tare da kowa ya ƙyasta komai ba.

Sai dai wannan lamba ta biyu tana da iyaka, kuma bai kamata a riƙe ta kamar aya ba. A ɗakin gwaji ana auna ta ne a cikin tulun gilashin da aka zafafa ko'ina, inda tururin ba shi da wurin gudu. A fili, mai da ya ɗiga a kan ƙarfe yakan ƙafe iska ta kwashe tururin, don haka ƙarfen kan buƙaci zafin da ya fi na littafi kafin wuta ta tashi. Wannan ne ya sa mutum zai zuba wa janareta fetur tana ci sau da yawa ba abin da ya same shi, har ya fara yi wa masu gargaɗinsa dariya. Amma bakin salansar janaretar da ta daɗe tana aiki yana kai ɗaruruwan digiri, ga kuma tartsatsin da ke iya fita daga wayar fulogi ko wajen da aka jona waya. Ranar da iska ta tsaya cak, ko aka ajiye janaretar a lungu, tururin ya taru, ranar ce dariyar ke ƙarewa. A kashe ta, a ba ta mintoci ta huce, sannan a buɗe tanki.

Inda zafin tashi da kai ya fi nuna kansa a cikin gida shi ne kaskon suya. Man gyaɗa ba ya kamawa da ashana ko a bazara, don haka ba mai tsoronsa. Amma idan mai ƙosai ta ɗora kasko ta shiga ɗaki ta manta, man zai bi matakai a jere. Da ya kai digiri 200 da wani abu sai ya fara hayaƙi, wanda aka riga aka soya abu da shi ma tun kafin nan. Da ya haura 300 ya kai zafin kamawa, harshen wutar murhu na iya lasar tururinsa ya kunna shi. In ma babu harshen wuta, kamar a kan rishon lantarki, yana matsowa kusa da 400 zai tashi da kansa. Hayaƙin nan shi ne gargaɗin, kuma yana zuwa da wuri. Idan har ya kama, a kashe wutar ƙasa a rufe kaskon da faifan ƙarfe ko babban murfi, a bar shi a rufe har ya huce. In an yi gaggawar buɗewa alhali man bai sauko daga zafin tashinsa ba, da ya shaƙi iska zai sake kamawa. Ruwa kuwa shi ne babban kuskure. Ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙarƙashinsa ya zama tururi nan take, kuma lita ɗaya ta ruwa tana zama tururi wajen lita 1,700. Wannan tururi shi ke ɗaga man da ke ci ya watsa shi har rufin ɗaki.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran biyun amfani ga mai gida, shi ne iyakokin gauraya. Tururin mai ba ya ci sai ya haɗu da iska a wani gwargwado. Idan ya yi kaɗan a cikin iskar, wutar ba ta samun abin da za ta ci ta yaɗu. Idan ya yi yawa, ya kore iskar da wutar ke buƙata, nan ma ba za ta ci ba. Duk mai babur ya san wannan. In mai bai isa inji ba, ba ya tashi. In kuma mai ya yi yawa har fulogi ya jiƙe, a yi ta buga kik a banza. Tsakanin waɗannan biyun akwai iyakar ƙasa da iyakar sama, kuma a tsakaninsu kaɗai wuta ke ci.

Ga fetur, iyakar ƙasa tana wajen kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin, ta sama kuma wajen kashi 7.6. Ga kananzir, daga wajen 0.7 zuwa 5. Ga gas ɗin girki, daga wajen kashi 2 zuwa 9 ko ɗan sama da haka. Tazarar ba ta da faɗi, amma abin lura shi ne yadda iyakar ƙasa take can ƙasa. Iskar da kashi 98 nata iska ce tsabtatacciya, kashi 2 kawai tururin fetur, ta isa ta tayar da ɗaki. Kuma da ma zafin kamawa da muka fara da shi ɗan'uwan wannan iyaka ta ƙasa ne: shi ne zafin da tururin saman mai ke kai wannan gwargwado.

Yanzu mu koma tankin fitilar ƙwai. A cikinsa akwai mai a ƙasa, akwai kuma fili a sama inda iska da tururi suke zaune tare, ga wuta tana ci a kan lagwani tazarar ɗan yatsa daga wurin. Idan kananzir ne mai kyau a zafin ɗaki na digiri 25 ko 30, tururin da ke wannan fili bai kai iyakar ƙasa ba. Ko wuta ta leƙa ta bakin tankin ba ta samun abin ci. A kan wannan aka gina fitilar gaba ɗaya. Idan kuma fetur ne zalla a rufaffen tanki, a irin zafinmu tururinsa yana cika kashi 40 cikin 100 na filin ko fiye, ya wuce iyakar sama sau biyar. Wuta za ta ci a bakin tankin inda tururin ke haɗuwa da iskar waje, kuma wannan ma bala'i ne, amma ba ta samun hanyar ci a ciki.

To, a ɗauki jarka mai lita 20, lita 19 kananzir, lita 1 fetur. Ido ba zai gane ba, hanci ma ba lallai ba ne. Amma fetur ɗin nan, da yake an tsarma shi, tururin da yake fitarwa ya ragu daga kashi 40 ɗin nan zuwa wajen kashi 3. Kashi 3 kuwa yana tsakiyar tazarar nan ta 1.4 zuwa 7.6. Filin da ke saman man a cikin tankin fitila, da wanda ke cikin kwalbar da ake zuba man da ita, duka sun zama gaurayen da ke jiran tartsatsi. Yarinya ta ga fitila na neman mutuwa, ta buɗe murfin tanki tana ci, ta karkata kwalba. Man da ke shiga yana turo tururin tanki waje, tururin ya taɓa wutar lagwani, wutar ta bi shi ta koma cikin tankin da cikin kwalbar. A rufaffen wuri, iskar da ta ƙone nan take tana neman faɗaɗa ninki bakwai ko takwas, ba ta da hanya, sai ta fasa abin da ya tsare ta ta feso man da ke ci. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Ta yaya fetur ke shiga kananzir? Wani lokaci da gangan ne, idan kananzir ya fi fetur tsada, kamar yadda ya zama a 'yan shekarun nan, mai son zuciya ya tsarma don riba. Wani lokaci daga masu tace ɗanyen mai a daji ne, waɗanda ba su da hanyar raba ɓangarorin man da kyau. Wani lokaci kuma sakaci ne: tankar da ta ɗauko fetur jiya ta ɗauko kananzir yau ba a tsiyaye ta ba. Amma akwai hanya ta huɗu da ba a cika ambata ba, domin ba ta da wanda za a zaga: jarkar gida. Wadda aka sayo wa janareta fetur da ita shekaranjiya, aka ga ba komai a ciki sai ɗan guntu, aka ba yaro ya sayo kananzir. Ko mazurari ɗaya da mai shago ke auna duka biyun da shi. Ƙaramin kofin shayi na fetur a galan mai lita 4 ya isa ya kai man bakin iyakar ƙasa.

Akwai gwajin da za a iya yi a gida, kuma shi ne dai na Abel a sauƙaƙe. A ɗebi abin da bai wuce rabin ƙaramin cokali ba a zuba a murfin kwalba na ƙarfe, a rufe jarkar a kai ta nesa. A fita tsakar gida cikin inuwa, inda babu tabarma ko kara, a ajiye murfin a ƙasa, a kunna dogon tsinken tsintsiya a miƙa shi saman man daga nesa. Kananzir mai kyau ba zai kula ba. In ya yi fuf ya kama tun tsinken bai taɓa shi ba, wannan mai bai cancanci shiga fitila ko risho ba. Gwajin yana da rauni biyu. Da tsakar ranar bazara mai kyau ma na iya kamawa, don haka da safe ake yi. Sannan idan aka bar ɗigon ya daɗe a buɗe, fetur ɗin cikinsa zai tsere ya bar kananzir, gwajin ya wanke mai laifi. Saboda haka kamawa hujja ce a kan man, amma rashin kamawa ba lasisin zuba wa fitila mai tana ci ba ne. Babba ne zai yi wannan gwaji, ba yaro ba.

Wannan magana ta iyakar sama ita ce kuma ke bayyana abin da ke kashe masu walda. Tankin mota ko gangar da ke cike da fetur tururinta ya wuce iyaka. Da aka juye man aka bar ta a buɗe, iska ta shiga, gaurayen ya riƙa saukowa daga sama har ya faɗo cikin tazarar da ke ci. Gangar da ake cewa "ba komai a ciki" ita ce a shirye. Ganga mai lita 200 ba ta buƙatar fiye da cokali biyu na fetur da ya maƙale a gindinta kafin iskar cikinta ta kai iyakar ƙasa, kuma ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da wanda ya shige cikin tsatsa da haɗin ƙarfe.

Lissafin cokali biyun nan ya fito ne daga wani adadi da ya kamata a sani: lita ɗaya ta fetur idan ta ƙafe tana ba da tururi wajen lita 180, wanda zai iya gurɓata iska lita 13,000 ya kai ta iyakar ƙasa. Tururin kuma ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya tafi. Ƙasa yake bi, ya gangara kwata, ya shiga ƙarƙashin ƙofa, ya je ya iske murhu ko fitila a wani wuri, wutar ta biyo shi ta dawo inda ya fito. Mutanen da ke ɗibar mai a inda tanka ta faɗi suna tsaye ne a cikin irin wannan tafki da ba a gani. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, bai buƙaci kowa ya jefa wuta a cikin man ba. Tartsatsi ɗaya a gefen tafkin, inda tururin ya tsarmu da iska daidai gwargwado, ya wadatar.

Gas ɗin girki, wanda yanzu ya shiga gidaje da yawa a birane, ba a ma maganar zafin kamawarsa, domin a zafin ɗaki shi tururi ne gaba ɗaya. Matsi ne kawai ya riƙe shi a matsayin ruwa a cikin tukunya, yana fita ya koma iska. Zafin tashinsa da kai yana da nisa, wajen digiri 400 ko sama. Saboda haka a wurinsa tambaya ɗaya ce: nawa ya taru a ɗakin? Mu ɗauki kicin mai tsawon mita 3, faɗin mita 3, tsayin mita 3. Iskar cikinsa lita 27,000 ce. Kashi 2 nata lita 540. Kilo ɗaya na gas yana ba da tururi lita 400 zuwa 500, wato kilo ɗaya da 'yan kai ya isa ya kai kicin ɗin duka iyakar ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin goma na tukunya mai kilo 12.5. Amma ba sai ya cika ɗakin ba. Shi ma ya fi iska nauyi, sau ɗaya da rabi zuwa biyu, yana fara kwanciya ne a ƙasa. Rabin mita na ƙasan kicin ɗin lita 4,500 ne, kashi 2 nasa lita 90, abin da bai wuce giram 200 na gas ba. Kan murhu ɗaya da aka bari a buɗe, miya ta tafaso ta kashe wutarsa, yana iya fitar da wannan cikin awa ɗaya da wani abu idan ƙofa da taga a rufe suke. Tiyon da ɓera ya ci ko wanda ya tsufa ya tsattsage ya fi haka sauri.

Shi gas ɗin asalinsa ba shi da wari. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da gangan ake saka masa shi, kuma an auna shi yadda hanci zai ji tun gas ɗin yana kashi ɗaya cikin biyar na iyakar ƙasa. Wato wanda ya ji warin da wuri yana da sauran lokaci. Matsalar ita ce hanci yana saman mutum, gas ɗin yana wajen ƙafarsa, inda injin firji da soket ɗin ƙasa suke. Kuma hanci yana sabawa, wanda ya kwana cikin warin ba zai ji shi da asuba kamar wanda ya shigo daga waje ba.

Wanda ya shiga kicin ya ji warin gas kada ya taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, domin dukansu suna yin ɗan tartsatsi a ciki. Kada ya kunna fanka don ta kore shi. Idan an ɗauke wuta a lokacin, ya tuna za a iya kawo ta kowane lokaci, firji da duk abin da aka bari a kunne su tashi tare. Ya rufe gas ɗin daga kan tukunya, ya buɗe ƙofa, domin taga ta sama ba ta fitar da abin da ke kwance a ƙasa, ya fitar da kowa waje, ya yi waya daga can. Idan warin ya yi ƙarfi ƙwarai, kada ya yi saurin komawa don ya ga ya ragu. Gaurayen da ya wuce iyakar sama, a hanyarsa ta komawa iska mai tsabta dole ya ratsa ta cikin tazarar da ke ci, don haka lokacin da ake shan iskar ɗakin yana cikin lokutan da suka fi haɗari. Neman inda ke yoyo kuma da ruwan sabulu ake yi: a shafa a kan tiyo da wuyan tukunya, inda kumfa ke tasowa nan ne. Masu gwadawa da ashana har yanzu suna nan, har cikin masu sayar da gas ɗin.

Jama'a, a ware wa kananzir jarkarsa da mazurarinsa, a yi musu alamar da ko yaro zai gane, kada fetur ya taɓa shiga cikinsu ko sau ɗaya. A daina ajiye man janareta a ɗakin kwana ko kusa da madafi. Fitila da risho kuma a kashe su, a bari su huce, a fitar da su waje sannan a zuba musu mai, ko da kuwa daga wurin amintaccen mutum aka sayo shi, domin shi ma sayowa ya yi.